Jawabin buɗe gasar wasannin gidaje: yadda hedimasta zai shirya shi har yaron da ya zo na ƙarshe ya yarda da shi

Kusan duk shugaban makarantar da ya riƙe makirfo ranar gasar wasannin gidaje yakan ce wa yara shiga gasar ita ce muhimmiya, ba cin ta ba. Yara kuma ba su yarda. Dalilinsu a fili yake: a gabansu ga tebur an shimfiɗa masa zane, an jera kofi da lambobin yabo da bokitai da littattafan rubutu, kuma kowa ya san na ɗaya da na biyu da na uku kaɗai za a kira. Bakin hedimasta na faɗin abu ɗaya, tebur na faɗin wani, yaro kuwa tebur yake kallo.

Saboda haka aikin wannan jawabi ba ya farawa daga zaɓen kalmomi masu daɗi. Yana farawa daga takardar maki. Zan bi matakan da misalin wata makarantar firamare a cikin garin Gombe, mai ɗalibai 480 da gidaje huɗu, Ja da Kore da Shuɗi da Rawaya, kowane gida da yara 120. Makarantar da alƙalumanta misali ne kawai don lissafi ya fito. Kai sai ka sa na makarantarka.

Fara da ƙidaya

Ka zauna da malamin wasanni mako biyu ko uku kafin ranar, ya kawo maka jerin wasannin. A ce akwai wasanni 16 na ɗaiɗaiku: tseren mita 50 na ƙanana, mita 100 da 200 na manya maza da mata, dogon tsalle, tseren buhu, lemon tsami a cokali, cika kwalba, zare da allura, langa da sauransu. Kowane gida yana kawo mutum biyu a kowane wasa, wato yara takwas a layi. Gurabe 128 ke nan. Ko da ba a maimaita yaro ko ɗaya ba, yara 352 ba za su taka layin tsere ba. Kyaututtuka kuwa, uku a kowane wasa, 48 ne, kuma ka san yadda abin yake: yara biyar ko shida masu ƙafa su ne za su kwashe rabi.

To ga mutanen da za ka yi wa magana. Fiye da yara 430 za su koma gida hannu rabbana. Zakarun ba su buƙatar jawabinka, tafi da ihu suna jiransu. Idan ka riƙe wannan adadi a ranka, za ka ga jimloli da yawa da aka saba faɗa sun zube da kansu, kamar "muna fatan samun zakarun da za su wakilci jihar Gombe". Wannan jimla ta yara biyar ce. Tana da wurinta, amma wajen rabon kyauta.

Gyara takardar maki kafin ka rubuta harafi ɗaya

A nan ne jawabin ke samun ƙafafun tsayuwa, don haka zan daɗe a kai.

Tsarin da aka saba shi ne na ɗaya maki 5, na biyu 3, na uku 1, sauran babu. Malamin gida mai wayo, da wannan tsari, ba shi da dalilin wahalar da kansa da yara talatin. Zai nemo gwanaye uku ko huɗu ya zuba su a kowane wasa. Wani ma har ya ɗauko sojan haya, wato ƙaton yaro daga wata makaranta ko daga unguwa, a sa masa rigar gida. Ba mugunta ba ce, tsarin ne ya koya masa haka.

Sai ka ƙara dokoki biyu. Ta farko, babu yaron da zai shiga wasan ɗaiɗaiku fiye da biyu. Ta biyu, duk yaron da ya shiga wasa kuma ya kai ƙarshe, ko shi ne na takwas, ya ciyo wa gidansa maki 1, amma sau ɗaya ake ƙirga kowane yaro. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mabuɗin. In ba shi, gidan da ya maimaita yara 16 da gidan da ya kawo yara 32 daban-daban duk makinsu ɗaya, ba ka canza komai ba.

Ga yadda lissafin zai iya kasancewa. Gidan Ja ya zo na ɗaya sau 7, na biyu sau 3, na uku sau 2: 35 da 9 da 2, maki 46. Gidan Kore ya zo na ɗaya sau 4, na biyu sau 6, na uku sau 5: 20 da 18 da 5, maki 43. A tsohon tsari kofi na Ja ne. Amma Ja da yara 16 ya cike gurabensa 32, kowa wasa biyu, Kore kuwa ya fito da yara 28. A sabon tsari Ja yana da 62, Kore 71. Kofi ya koma hannun gidan da ya fi fito da yara.

Ka lura da iyakar abin. Mafi yawan tazarar da makin shiga zai iya kawowa tsakanin gida biyu da suka cike gurabensu shi ne 16, wato 32 a cire 16. Gidan da ya yi fintinkau a fili, ya ba da rata mai yawa, zai ci kofinsa duk da haka, kuma haka ya dace. Kada ka ɗaga makin shiga zuwa 2 ko 3, don in ka yi haka gasar ta tashi daga gasa ta koma kiran suna, manyan yara 'yan aji biyar da shida za su gane nan da nan, su daina zage damtse. Ni a ganina maki 1 ya isa.

Sauran yara 352 fa? Su ma a samo musu ƙofa ta gaskiya. Macin gidaje yana ɗaukar yara talatin ko fiye a kowane gida. Jan igiya yana ɗaukar goma. Tseren miƙa sanda, maimakon mutum huɗu, ana iya yin na mutum takwas ko goma a gajeren zango, aƙalla yaro ɗaya daga kowane aji. Akwai masu raba ruwa, masu kai takardar sakamako daga bakin layi zuwa teburin maki, masu riƙe igiyar ƙarshe, masu taimaka wa malamin agajin gaggawa. Yaron da ke da amosanin jini ko asma, wanda iyayensa suka ce kada ya yi gudu a rana, a nan yake samun aikinsa, kuma a rubuta sunansa a jerin gidansa kamar kowa.

Duk wannan sai an sanar da malaman gidaje da kyaftin-kyaftin tun wuri, a rubuce, kowa ya sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan malamin Gidan Ja ya fara jin wannan doka daga bakinka a lasifika, to ka shirya wa rigima a teburin maki da la'asar, kuma shi ne mai gaskiya. Jawabinka tunatarwa ce ga yara da sanarwa ga iyaye, ba wurin kafa doka ba.

Tsawon jawabi da sa'arsa

Yawancin makarantu a zango na biyu suke yin wannan gasa, tsakanin Janairu da Afrilu. A farkon zangon hunturu ne, da iska da ƙura. Daga Maris kuwa kowa ya san ranar Gombe, zafi yakan kai wajen digiri 40. A 'yan shekarun nan ma azumi yana faɗowa cikin wannan zango, sai a duba kalanda kafin a tsayar da rana. Yaran da za ka yi wa jawabi sun fito tun bakwai, wasu ba su karya ba saboda ɗoki, kuma sun riga sun yi maci sun tsaya a sahu.

Minti uku zuwa huɗu. Ka rubuta kalmomi kamar 350, ka tashi tsaye a ofis ka karanta da ƙarfi, agogo a gabanka, kana dakatawa kamar yadda za ka yi a fili. In ya haura minti huɗu, yanke. Kuma kafin ka ce uffan ranar, ka sa a ba yara umarnin tsayuwar hutu, ko ƙanana su zauna. Wannan kaɗai yana sa su saurare ka.

Akwai abu ɗaya da za ka warware da babban baƙo tun kafin ranar: wa zai furta cewa an buɗe gasa? A wurare da yawa ana bar wa babban baƙo wannan, ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko uban taro. In haka ne, naka jawabin ya ƙare da miƙa masa makirfo. In kuma ƙarfe tara ta yi bai iso ba, kada yara su gasu a rana suna jiran mota. Ka buɗe, a fara da wasannin ƙanana, in ya iso a tarbe shi da girmamawa tsakanin wasa da wasa. Ka gaya masa wannan tsari a takardar gayyata, ba wanda zai ji an raina shi.

Gaisuwa

Ba za ka tsallake gaisuwar manya ba, ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Amma sanƙira ya riga ya kira kowa da sunansa da sarautarsa lokacin da ake zaunar da su. Kai sai ka gaishe su rukuni-rukuni: basaraken da ya halarta, hakimi ne ko dagaci ko mai unguwa, sai wakilin hukumar ilimi, sai shugabannin kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, sai iyaye. Numfashi biyu ya isa. Daga nan ka juya jikinka gaba ɗaya, ka ba rumfa kafaɗa, ka fuskanci yara. Da yawa daga cikinmu rumfa muke yi wa jawabi daga farko har ƙarshe, yara suna kallon ƙeyarmu.

Game da harshe, ko da makarantarka da Turanci take koyarwa, ainihin saƙon ka faɗe shi da Hausa. A Gombe za ka samu yaran Fulani da Tera da Tangale da Waja da Bolewa a sahu ɗaya, kuma Hausa ce ta haɗa su da iyayensu da ke bakin fili.

Labari ɗaya, ba uku ba

Maganar nan ta cewa shiga ta fi ci muhimmanci ana jingina ta ga Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da gasar Olamfik, kuma ya faɗe ta a London a 1908. Ka san wannan don kanka, amma ba na ba da shawarar kawo sunansa a fili. Yaro ɗan aji uku ba abin da zai ɗauka.

Labarin da ya fi dacewa da bakin shugaban makaranta, a ganina, shi ne wanda Bukhari ya ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wasu mutanen Banu Aslam suna gasar harbin kibiya. Ya ƙarfafa musu gwiwa, ya ce yana tare da ɗaya daga cikin ɓangarorin. Sai ɗaya ɓangaren suka janye hannu, suka ce yaya za su yi harbi alhali yana tare da waɗancan? Sai ya ce musu su yi harbinsu, yana tare da su duka. Dubi yadda ya zauna daram: ba a hana gasa ba, ba a ce kada a yi ƙoƙarin ci ba, amma babba ya ƙi barin wani ɓangare ya ajiye baka. Matsayin hedimasta ke nan a ranar. Shi ya sa ma bai kamata ka sa riga ko hula mai launin wani gida ba. Ka sa fara.

In makarantarka ta haɗa Musulmi da Kirista sosai, kamar yadda ake samu a Tumfure ko Billiri ko Kaltungo, kuma kana son labarin da ba na ɓangare ɗaya ba, akwai na John Stephen Akhwari, ɗan Tanzaniya. A tseren dogon zango na Olamfik a birnin Mexico a 1968, mai tsawon kilomita 42, ya faɗi ya ji ciwo a gwiwa, aka ɗaure masa, ya ci gaba yana ɗingishi, ya shigo filin wasa na ƙarshe, fiye da sa'a guda bayan wanda ya zo na ɗaya. Da aka tambaye shi, ya nuna cewa ƙasarsa ta turo shi ne ya gama tseren, ba ya fara kawai ba. Wannan labari yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da dokar maki 1 ga wanda ya kai ƙarshe. In za ka ba da shi, ka kwatanta kilomita 42 da nisan wani gari da yaran suka sani.

Ɗaya za ka zaɓa. Biyu sun yi yawa a minti huɗu.

Jawabin kansa

Ga yadda zai iya fitowa a makarantar misalinmu:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, mai girma wakilin sakataren ilimi, shugabannin kwamitin makaranta da na iyaye da malamai, iyayenmu maza da mata da suka bar sana'o'insu suka zo, sannunku da zuwa, Allah Ya saka da alheri.

Yanzu da ku nake, 'ya'yana. Gidan Ja, kuna nan? Gidan Kore? Gidan Shuɗi? Gidan Rawaya? Madalla.

Ku dubi teburin can. Kun ga kofi, kun ga kyaututtuka. Ba zan ce muku ba su da daɗi ba, suna da daɗi, kuma duk wanda ya ci yau da guminsa ya ci, za mu tafa masa har hannu ya yi zafi. Wanda Allah Ya ba ƙafa, ya yi gudu iya ƙarfinsa.

Amma ku 480 ne, kyaututtukan can ba su kai 50 ba. Saboda haka ku saurari dokar bana, wadda malaman gidajenku suka riga suka sani. Duk yaron da ya shiga wasa ya kai ƙarshen layi, ko shi ne na ƙarshe, ya ciyo wa gidansa maki ɗaya. In ka faɗi a cikin buhu, tashi ka ƙarasa, makinka yana jiranka. In lemonki ya faɗo daga cokali, ɗauki ki ci gaba. Wanda ya tsaya a tsakiya ya fita saboda kunya, shi ne kaɗai bai kawo komai ba. In kuwa jikinka ne ya ƙi, kana jin jiri ko ciwo, tsaya nan take ka ɗaga hannu, wannan ba kunya ba ce, malamin agaji yana ƙarƙashin bishiyar can.

Wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutane suna gasar harbi. Da ya ce yana tare da ɓangare ɗaya, sai ɗayan suka daina. Ya ce musu ku yi harbinku, ina tare da ku duka. Ni ma yau ba ni da gida. Ina tare da ku duka.

Ina roƙon abu ɗaya daga gare ku, da ku iyaye. A kowane tsere, ba a daina tafi sai na ƙarshe ya tsallake layi. Ba dariya, ba ihun tsiya. Mu gwada yanzu: ga na ƙarshe nan yana zuwa, me za mu yi? Ban ji ba! Yauwa.

Masu raba ruwa, masu kai takarda, masu riƙe igiya, sunayenku suna cikin jerin gidajenku, aikinku na cikin gasa. Alƙalan wasa, abin da suka yanke ya yanku. Mai ƙorafi ya bi ta hannun malamin gidansa.

Allah Ya sa mu fara lafiya mu gama lafiya. Da izinin manyanmu, na buɗe gasar wasannin gidaje ta bana. Malam, busa usur."

Akwai wurare uku a ciki da nake so ka duba da kyau, domin su ne ake yawan kuskurewa.

Na farko, jawabin bai rage darajar ci ba. Hedimastan da ya ce kofi ba komai ba ne ya ɓata wa yarinyar da ta yi wata guda tana atisaye bayan an tashi, kuma ya yi ƙarya a gaban yara, don sun ga yadda malamai ke rawar jiki a kan kofin. Ka amsa cewa ci yana da daɗi, sannan maganarka ta gaba ta samu shiga.

Na biyu, jimlar jiri da ciwo. Kada ka cire ta ko da kana neman rage tsawo. Idan ka gaya wa yara cewa duk wanda ya kai ƙarshe ya ci maki, ka kuma ba su labarin mai ɗingishi, za a samu yaron da zai dage a mita 200 da tsakar rana alhali kansa na juyawa, don kada gidansu ya ce shi ya jawo musu. Dole ka buɗe masa ƙofar fita da bakinka. Ka kuma gaya wa masu rubuta maki tun da safe cewa yaron da malamin agaji ya fitar daga wasa ana ba shi makinsa.

Na uku, gwajin tafi. Yara ba su riƙe nasiha, amma suna riƙe abin da hannunsu ya yi. Ka sa su yi shi sau biyu a gabanka. Shi ne kuma ma'auninka na ranar: ka tsaya kusa da layin ƙarshe a tseren farko, ka saurara. In tafi ya mutu da shigowar na uku, ka karɓi makirfo da kanka ka tayar da shi. Tsere biyu ko uku na farko su ke kafa al'adar yinin.

Idan akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da gudun 'ya'yansu mata, jimla ɗaya ta godiya ga waɗanda suka amince ta isa, muddin ka riga ka daidaita batun sutura da su a taron iyaye: dogon wando a ƙarƙashi, ƙaramin hijabi da ba ya harɗe ƙafa, malamai mata a bakin layinsu. Fili ba wurin muhawara ba ne.

Ranar, da abin da ke lalata ta

Lasifika tukuna. Masu kayan sauti sun saba juya lasifika wajen rumfar manya, domin daga can ake biyan su. Ka je da kanka kafin takwas, ka sa a juya aƙalla ɗaya wajen da yara za su tsaya, ka tura malami can ƙarshen sahu ya ɗaga hannu in yana ji. Janareta a kai shi nesa, bayan aji, kuma a duba mai. In iskar hunturu na busawa, a rufe kan makirfo da soso ko hankici, kai kuma ka juya wa iskar baya. Jawabin ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a kati mai kauri da zai zauna a tafin hannu; falle biyu na farar takarda a filin makaranta cikin Janairu sai ka bi su da gudu. Ka haddace jimlar doka da jimlar buɗewa, don in sauti ya ɗauke ka matsa kusa da sahu ka faɗe su da muryarka, malaman gidaje su maimaita wa na baya.

Kana magana kana kallon sahun ƙanana. In sun fara tsugunawa, ko ka ga malamai sun fara zagayawa da tsumagiya, lokacinka ya ƙare ko da saura sakin layi biyu. Tsallaka zuwa tafi da buɗewa.

Sai mutum biyu da za su iya rushe maka komai cikin minti ɗaya. Na farko sanƙira. Irin barkwancin da aka saba, "ga kunkuru nan tafe", "wannan tuwo ya ci da safe", yana sa rumfa dariya, amma yaron da aka yi wa ba zai sake ba da sunansa baɗi ba. Ka ja shi gefe kafin a fara, ka ba shi jerin sunayen masu wasa, ka ce ya riƙa kiran na baya da sunansa da gidansa yana ƙarfafa shi.

Na biyu baƙo mai kyauta. Wani attajiri ko ɗan siyasa zai ji daɗi ya tashi ya manna wa wanda ya zo na ɗaya kuɗi a goshi. Ba za ka hana shi a bainar jama'a ba, kuma bai kamata ba. Abin da za ka iya shi ne ka riga shi: wajen kai gayyata ka ce, "Alhaji, in za a taimaka, muna neman fensir ko littafin rubutu 128, na duk yaron da ya shiga wasa, kuma da sunanka za a sanar." Yawanci sun fi son wannan, domin sunansu ya fi yawo.

Bayan an busa usur

Teburin maki ya kasance da shafi biyu a kowane gida, makin matsayi da makin shiga, da jerin sunaye da ake sa wa alama don kada a ƙirga yaro sau biyu. Malamai biyu da ba su riƙe da wani gida su zauna a kai. Wannan jerin ne kuma maganin sojan haya: sunan da ba ya cikin rajistar aji ba ya hawa layi. Bayan kowane wasa huɗu a rubuta jimla a allo inda kowa zai gani, shafi biyun a rarrabe. In an ɓoye lissafi sai ƙarshe, gidan da makin shiga ya kayar zai rantse an yi maguɗi.

Wajen sanar da sakamako, ka fara da adadin yaran da kowane gida ya fito da su, kafin matsayi. A misalinmu za ka ce Gidan Kore yara 28, Gidan Ja yara 16, haka sauran. Sannan ka karanta daga na huɗu zuwa na ɗaya, kowane gida da makinsa kashi biyu. Gidan Ja kuma, da ya fi kowa zuwa na ɗaya amma kofi ya kuɓuce masa, ka ambaci nasarorinsa bakwai da bakinka, ka kira zakarunsa su karɓi lambobinsu cikakku. Washegari ka zauna da malaminsu da takardar a gabanku, ku duba gurabe 16 da aka maimaita yara a cikinsu, ku fitar da sunayen waɗanda za a fara yi wa atisaye tun zango na ɗaya.